Yadda Ake Shigar da Rangwamen Kamfani da Ya Iso Bayan An Rufe Shekara

A tsakiyar Fabrairu wani dillalin taki da nake riƙe wa littafi a yankin Auyo ya kira ni cikin murna. Kamfanin da yake sarin yuriya a wajensa ya aiko masa da takardar rangwame, wadda ’yan kasuwa ke kira kiredit not, ta kuɗi masu kauri saboda yawan buhunan da ya ɗauka a shekarar da ta ƙare. Ya ce, “Malam, ka rubuta mana ita a ribar wannan watan, Allah ya kawo.” Na ce masa, “Alhaji, Allah ya kawo kam, amma kuɗin nan na bara ne, kuma ba dukansu ne riba ba. Wani kaso nasu yana kwance a sito tare da buhunan da suka kwana a ƙarshen Disamba.”

Rangwamen da ake ba ka saboda yawan saye ragi ne a kan farashin da ka biya. Ka sayi buhu a wani farashi, daga baya kamfani ya mayar maka da wani abu a kansa, ashe tun farko buhun bai kai yadda ka rubuta ba. Don haka rangwamen yana bin buhunan duk inda suka je. Wanda aka riga aka sayar, nasa rangwamen yana ƙara ribar shekarar da aka sayar da shi. Wanda yake sito, nasa yana rage uwar kuɗinsa, sai ran da ya fita kafin ya zama riba. Ƙa’idar lissafin haja ta duniya, IAS 2, a sakin layi na 11, ta ce a cire ragin ciniki da rangwame da makamantansu wajen fitar da kuɗin sayen kaya, kuma sashe na 13 na ƙa’idar ƙanana da matsakaitan kamfanoni ya faɗi haka. Nijeriya ta fara aiki da waɗannan ƙa’idoji a 2012, daga manyan kamfanonin da ke kasuwar hannun jari. Amma ko shagonka bai taɓa ganin odita ba, hankalin da ke ciki ya shafe ka, musamman idan akwai wanda kuke raba riba da shi.

Zan bi lissafin Alhaji daga farko har ƙarshe. Na daidaita lambobin don su yi sauƙin bi.

Ka fara da yarjejeniya, kafin ka taɓa littafi

Abu na farko da na nema shi ne takardar da kamfanin ya ba dillalansa a farkon shekara. Ta ce wanda ya ɗauki buhu 5,000 ko fiye tsakanin 1 ga Janairu da 31 ga Disamba za a mayar masa da ₦1,000 a kan kowane buhu, tun daga na farko. Alhaji ya ɗauki tirela goma, kowace da buhu 600 mai kilo 50, jimla buhu 6,000. Ya wuce iyaka tun tirela ta tara, wadda ta kai shi 5,400.

Abu uku nake dubawa a irin wannan takarda, kuma kowanne yana iya juya lissafin.

Na farko, lokacin da ake ƙirgawa. A nan ya yi daidai da shekarar littafin Alhaji, saboda haka ran 31 ga Disamba ya gama cika nasa sharaɗin, babu abin da ya rage sai kamfani ya zauna ya yi lissafi.

Na biyu, a kan wane buhu rangwamen yake hawa. Wasu kamfanoni suna bayarwa a kan duk abin da ka ɗauka idan ka kai iyaka, wasu kuwa sai a kan abin da ya haura iyakar kawai. Da irin na biyun ne, da Alhaji ₦1,000,000 kacal zai samu a kan buhu 1,000 da suka haura, maimakon ₦6,000,000. Na ga wanda ya yi wannan kuskuren karatu ya rubuta wa kansa kuɗin da ba za su taɓa zuwa ba. Idan naka irin na biyun ne, ra’ayina a raba shi a kan buhunan shekarar gaba ɗaya, wato kusan ₦167 kowanne, domin buhu 5,000 na farko su ne suka hau da kai har ka kai wurin.

Na uku, kuma shi ne aka fi tsallakewa: don me ake biyan kuɗin? Idan takarda ta ce don yawan saye, to ragin farashi ne. Idan kuwa ta ce kamfani yana mayar maka da abin da ka kashe wajen tallata masa kaya, misali ka shirya taron manoma ko gonar gwaji ka kai rasit, wannan ba ya taɓa kuɗin haja, yana rage wancan kuɗin tallan da ka kashe ne. Kamfani yakan haɗa biyun a takarda ɗaya, sai ka raba su da kanka.

Idan alkawarin baki ne kawai daga wakilin kamfani, ka nemi a rubuta maka, ko da saƙon waya ne daga ofishinsu mai ɗauke da lamba da kwanan wata. Maganar da aka yi a tsaye a bakin sito ba ta isa a gina lissafin shekara a kanta ba.

Wace shekara ce ta mallaki kuɗin?

A nan Alhaji ya ja da ni sosai, kuma hujjarsa tana da kyau a kunne: takarda ta zo a Fabrairu, to me ya haɗa ta da Disamba? Amsar tana cikin IAS 10, ƙa’idar da ke magana a kan abin da ya faru tsakanin ranar rufe shekara da ranar da masu kamfani suka amince a fitar da lissafin. Ta kasa abubuwan gida biyu. Akwai wanda yake ƙara haske a kan halin da ake ciki tun ranar rufewa, wannan ana komawa a gyara lissafin shekarar da shi. Akwai kuma sabon abu da ya auku bayan an rufe, wannan ba a gyara lambobin da shi. Cikin misalan da ƙa’idar ta bayar na kashi na farko har da gano ainihin kuɗin kayan da aka saya kafin shekara ta ƙare.

Tambayar da nake yi wa kaina guda ɗaya ce: da na tsaya a ƙofar sito da daren 31 ga Disamba, shin kamfani yana riƙe da haƙƙin Alhaji a lokacin? Amsa i. An yi yarjejeniya, an ɗauki buhu 6,000, babu sharaɗin da ya saura. Takardar Fabrairu ta zo ne ta tabbatar da abin da ya riga ya kasance. Kamar manomin da ya kai shinkafa aka auna a Disamba aka biya shi a Fabrairu, ai ba wanda zai ce noman bana ne.

Sai dai ba kowane kuɗi da ya zo bayan shekara ke komawa baya ba. Da a ce babu wata yarjejeniya, kamfani ne kawai ya ga dama a Fabrairu ya kyautata wa dillalansa, to ran 31 ga Disamba Alhaji ba ya bin su ko sisi, kuma abin ya zama na sabuwar shekara. Haka nan idan akwai sharaɗin da ya rataya a kan abin da zai yi nan gaba, misali sai ya ɗauki wasu tireloli kafin ƙarshen Maris, to haƙƙin bai nuna ba tukuna.

Wuri mafi santsi shi ne inda shekarar kamfani ta saɓa da taka. A ce suna ƙirgawa daga Yuli zuwa Yuni, kai kuma ka rufe a Disamba da buhu 3,600 cikin 5,000. A nan kimantawa ake yi. Idan tarihin sayenka da odar da ka riga ka bayar sun nuna za ka kai, kuma kana iya auna adadin da natsuwa, akantoci sukan rubuta rabon buhunan da aka riga aka ɗauka. Ni dai ina taka-tsantsan a nan, domin sayen taki a wannan yanki yana bin ruwa. Shekarar da ambaliya ta taɓa fadamun Haɗeja ko farashi ya yi tsalle, dillalin da ya saba tirela goma yana iya tsayawa a shida. Idan hujjar fata ce kawai, ban rubuta ba.

Ka gwada takardar da littafinka kafin ka yarda da ita

Da na karɓi takardar a hannun Alhaji sai na ga ₦5,400,000 ne a jiki, ni kuwa lissafina ya ba ni ₦6,000,000. Giɓin ₦600,000 daidai yake da tirela ɗaya, saboda haka na san inda zan duba. Na jera invoyis goma da webil goma, wato takardun rakiyar kaya, bisa kwanan wata. Tirela ta goma an yi mata lodi ran 28 ga Disamba, ta iso aka sauke ran 30, amma cikon kuɗinta sai a farkon Janairu ya shiga asusun kamfani. Ma’aikacinsu ya ƙirga da ranar biya, alhali yarjejeniya ta ce ranar lodi. Muka aika da hoton webil da shafin yarjejeniyar, bayan kwanaki suka aiko da takarda ta biyu ta ₦600,000.

Wannan gwaji ba ya ɗaukar awa guda, amma kada a tsallake shi. Banda kwanan wata, abin da yakan kawo saɓani shi ne buhunan da aka mayar saboda sun jiƙe ko sun daskare, wanda kamfani zai cire daga ƙirga kuma yana da gaskiya, sai kayan da ka saya ta hannun wani dillali ba da lambarka ba. Idan hajar da kake sari ana ɗora mata harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, ka duba ko adadin da ke takardar ya haɗa da shi. Idan ya haɗa kuma kana cikin masu cire harajin da suka biya a kan saye, ka ware shi gefe, ragowar ce kawai ke taɓa kuɗin haja.

Buhu nawa suka kwana a sito, kuma na wa ne?

Yanzu mun san adadin rangwame. Abin da ya rage shi ne sanin inda buhu 6,000 ɗin nan suke a ranar rufewa. Dillalan wannan yanki ba sa shiga Janairu da sito wayam, domin lokacin ne masu noman rani ke neman yuriya ta shinkafa da alkama da kayan lambu. Ƙirgar da aka yi da safiyar 1 ga Janairu, kafin a buɗe shago, ta nuna buhu 1,500 na yuriyar wannan kamfani. Akwai kuma wasu buhunan NPK na wani kamfani dabam, waɗanda babu ruwansu da wannan rangwame. Na nanata wannan domin na sha ganin an ɗauki jimlar abin da ke sito an raba rangwame a kai, har da maganin feshi.

Idan ba a yi ƙirga a ranar ba, ana iya komawa baya: ka ƙirga yau, ka ƙara abin da aka sayar tun 1 ga Janairu, ka cire abin da ya shigo. Amma wannan yana tafiya ne kawai idan littafin sito yana da gaskiya. Shi ya sa nake roƙon masu shago su ba da rabin yini guda a ƙarshen shekara, mutum biyu su ƙirga, su sa hannu.

Akwai kuma buhu 400 da Alhaji ya shigo shekarar da su daga wadda ta gabace ta. Waɗannan ba sa cikin 6,000, kuma babu rangwame a kansu. Yadda za a yi da su ya danganta da tsarin da littafinka yake bi. Mu muna bin tsarin wanda ya fara shiga shi ke fara fita, kuma haka ma ake yi a zahiri, domin ba wanda ke barin tsohuwar yuriya ta sha raɓa ya sayar da sabuwa. A wannan tsari buhu 400 ɗin sun fita tun farkon shekara, buhu 1,500 da suka rage duk daga tirelolin ƙarshe suke. To cikin 6,000 masu rangwame, an sayar da 4,500, saura 1,500.

Rabon kansa

Tunda rangwamen ₦1,000 ne a kowane buhu, rabon a fili yake. Buhu 1,500 na sito sun ɗauki ₦1,500,000. Buhu 4,500 da aka sayar sun ɗauki ₦4,500,000. Kwata ɗaya ya tsaya a sito, kwata uku sun tafi ribar bara.

Ga yadda ya taɓa buhu guda. Tirelolin ƙarshe sun zo a ₦35,000 kowane buhu, kuɗin mota da na ’yan dako suka ƙara ₦800, ya tsaya wa Alhaji a ₦35,800. A haka muka fara rubuta sito, wato ₦53,700,000. Bayan cire rangwame buhu ya koma ₦34,800, sito kuma ₦52,200,000. Ka lura kuɗin mota bai motsa ba, domin direba bai mayar da komai ba.

Mai amfani da manhajar lissafi irin Excel zai iya sa jimlar rangwame a gidan B1, buhunan da aka saya a B2, waɗanda suka rage a B3, sai ya fitar da rabon sito da rabon abin da aka sayar:

```
=B1*B3/B2
=B1-B1*B3/B2
```

Idan rangwamenka kaso ne cikin ɗari na kuɗin saye, misali kashi 3, to kada ka raba da yawan buhu, ka raba da kuɗi. Farashin taki yana hawa da sauka cikin shekara, buhun da aka saya da tsada ya fi ɗaukar rangwame. Sai ka ɗauki farashin invoyis na kayan da suka rage, ban da kuɗin mota, ka cire kashi 3 ɗinsa.

Wanda littafinsa ke bin matsakaicin farashi na shekara zai sami amsa dabam kaɗan. A wajensa tsofaffin buhu 400 sun gauraya da sababbi, sun zama 6,400, rangwame ya bazu a kansu duka, kowanne ₦937.50. Rabon sito sai ya zama ₦1,406,250. Dukansu biyun ƙa’ida ta yarda da su. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne ka riƙa sauya tsari duk shekara gwargwadon wanda ya fi ba ka lambar da kake so.

Yadda ake rubutawa a leja

Rubutun yana ɗauke da kwanan watan 31 ga Disamba, ko da a Fabrairu kake riƙe da biro, kuma a gefe ka rubuta lambar takardun rangwamen biyu da ranar da suka iso. Layi uku ne. A asusun kamfanin ka yi debit na ₦6,000,000. A asusun hajar sito ka yi kiredit na ₦1,500,000. A asusun kuɗin kayan da aka sayar ka yi kiredit na ₦4,500,000.

Layin farko yana nufin ɗaya daga abu biyu. Idan kamfani yana bin ka bashi kuma yarjejeniya ta ce a cikin bashin za a cire, to bashin ya ragu. Idan ba ya bin ka komai, ko kuma tsabar kuɗi zai turo, to kai ne kake bin sa, sai a nuna shi cikin basussukan da kake bi.

Yawancin shagunan da nake yi wa aiki ba sa taɓa asusun sito kullum, sai ƙarshen shekara suke ƙirgawa su saka lamba. Ga irinsu hanya ta fi sauƙi: ka cire ₦6,000,000 gaba ɗaya daga jimlar sayayyar shekara, sannan ka kimanta buhunan da suka rage a ₦34,800. Rabon zai fito da kansa. Haɗarin wannan hanya shi ne a yi na farko a manta na biyu, a rage sayayya a bar sito a ₦35,800. Da zarar an yi haka, an zuba dukan rangwamen cikin riba ba tare da an sani ba. Hanyar ganewa ita ce ka raba kuɗin sito da yawan buhu. Idan ya ba ka farashin invoyis da kuɗin mota cif, ba a cire komai ba.

Bayan wannan ne, ba kafinsa ba, ake gwada uwar kuɗi da abin da kaya zai iya kawowa a kasuwa. Ƙa’ida ta ce a rubuta haja da wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin kuɗin sayenta da abin da za ta kawo bayan cire kuɗin sayarwa. A ce farashi ya karye, buhu ba zai kawo fiye da ₦35,000 ba. Wanda bai cire rangwame ba zai ga kamar yana da faɗuwar ₦800 a kowane buhu, ya rubuta asara. Wanda ya cire ya san buhun ₦34,800 ne, bai faɗi ba.

Abin da ya sa na ƙi bin Alhaji

Alhaji ba shi kaɗai yake da shagon ba. Ƙanensa ya zuba jari, suna raba riba, Alhaji biyu bisa uku, ƙanen ɗaya bisa uku, kuma a ƙarshen wannan shekarar ƙanen ya ce zai janye ya koma harkar injin casar shinkafa. Da na rubuta takardar a ribar Fabrairu kamar yadda aka nema, da ribar bara ta gaza da ₦4,500,000, kuma kason ƙanen a ciki, ₦1,500,000, ya tafi aljihun yayansa ba tare da kowa ya yi niyyar cutar kowa ba. Da kuma na bi ɗaya ɓangaren na zuba dukan ₦6,000,000 a ribar bara, da an raba ₦1,500,000 na buhunan da ba a sayar ba tukuna, ƙanen ya tafi da ₦500,000 daga ribar da ba ta samu ba.

Da na shimfiɗa masa haka sai ya yi shiru, can ya ce, “Malam, rubuta yadda yake. Haƙƙin yaron nan ba zai kwana a wajena ba.” Abin da nake so ke nan a irin wannan aiki, lissafin ya fito da haƙƙin kowa a sarari kafin a kai ga saɓani tsakanin ’yan’uwa. Haka yake a ƙungiyar manoma da ke raba rara ga mambobi, da shagon da ke kai lissafi banki don neman rance, da kamfanin da zai cika takardar haraji.

Wani zai tambaya game da zakka. Wannan rabon na littafin kasuwanci ne. Hajar kasuwanci a zakka da farashin kasuwa na ranar ake kimanta ta, saboda haka kada a ɗauki ₦34,800 a kai can. A kai wa malami lambobin yadda suke, har da kuɗin da ake bin kamfani.

Idan takarda ta makara har an sa hannu

Alhaji ya yi sa’a ba mu rufe littafin ba sai Maris. Wani lokaci kuwa kamfani yakan ja har bayan an amince da lissafi. Maganin wannan shi ne kada ka jira takarda. Tunda kana da yarjejeniya kana da invoyis, ka lissafa da kanka a ƙarshen shekara ka rubuta. In takarda ta zo da ɗan bambanci bayan an sa hannu, bambancin ya shiga sabuwar shekara, domin kimantawa ce aka gyara. Amma idan yarjejeniyar tana cikin durowa tun farko aka manta da ita ɗungurungum, kuma kuɗin suna da yawan da zai sauya ra’ayin mai karanta lissafin, wannan kuskure ne, kuma IAS 8, ƙa’idar da ke magana a kan gyaran kurakuran lissafi, ta ce a koma a gyara lambobin waccan shekarar a lissafi na gaba, a bayyana abin da ya faru.

Tarkon da ke jira a sabuwar shekara

Kamfanin bai turo wa Alhaji tsabar kuɗi ba. A tirelar farko ta Maris aka cire masa. Invoyis ya nuna buhu 600 a ₦35,000, wato ₦21,000,000, shi kuma ya tura ₦15,000,000. Yaron shago, da yake abin da ya fita daga banki yake kallo, sai ya rubuta sayayya ₦15,000,000, ya raba da 600, ya zo yana cewa wannan tirelar buhu ₦25,000 ya kama, a sassauta wa manoman da suka saba da shago. Da an biye masa, da an ci rangwame sau biyu a littafi, sau ɗaya a Disamba sau ɗaya a Maris, kuma an sayar da taki ƙasa da uwar kuɗinsa.

Na sa ya goge. Tirelar Maris ta shiga da cikakken kuɗinta, ₦21,000,000, sannan aka ɗora kuɗin mota. An biya ta da abu biyu, ₦15,000,000 daga banki da ₦6,000,000 da muka rubuta tun Disamba cewa suna wajen kamfani. Asusun kamfanin ya dawo babu saura, muka nemi su aiko da bayanin asusu na ƙarshen Maris, ya zo daidai da namu. Buhu 1,500 ɗin kuwa masu noman rani sun kwashe su kafin lokacin, kowanne ya fita daga littafi a ₦34,800, kuma ta nan ₦1,500,000 da suka rage suka shiga ribar sabuwar shekara. A shafin farko na sabon littafi na maƙala takardar yarjejeniyar bana, na buɗe layi da ake ƙara buhunan kowace tirela da ranar lodinta, yanzu yana kan 600.